Gwaji a Ɓoye Kafin Labari Ya Fita

Editan da ya haɗa sabon tsarin tura labarai zuwa WordPress kai tsaye, bai kamata ya sake shi ga jama'a ran farko ba. Abin da gogaggu ke yi shi ne su saita matsayin kowane rubutu haka:

```
"status": "draft"
```

Labarin zai shiga rumbu, amma masu karatu ba za su gan shi ba. Daga nan edita ya latsa Preview, ya duba da idonsa: ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai, ko sun rikiɗe alamar tambaya? Hoto ya hau? Labari ɗaya bai shigo sau biyu ba?

Akwai iyaka, fa. Saƙon imel da ke zuwa wa masu rajista galibi ba ya tashi sai an wallafa, don haka gwajinsa daban ne. Sai komai ya daidaita ake mayar da kalmar zuwa `publish`.