Yadda Ake Rubuta Sharhin Murya a Fim ɗin Dokumentari

Sharhin murya shi ne maganar da ake ji tana tafiya tare da hoto a fim ɗin dokumentari, ba tare da an ga mai yin ta ba. Aikinsa shi ne ya isar da abin da kyamara ba ta iya ɗauka: shekarar da abu ya faru, dalilin faruwarsa, sunan wuri, nauyi ko zurfi ko tsada, da abin da ya gabata kafin a kunna kyamara. Duk abin da ido ya riga ya gani, faɗarsa ɓata lokaci ne.

Kuskuren maimaita hoto ya fi kama waɗanda suka taso a aikin rediyo, kuma a ƙasar Hausa su ne da yawa. A rediyo dole mai rahoto ya zana wa mai sauraro komai da baki: ga mutum nan zaune, ga abin da ke hannunsa. Idan ya ɗauko wannan ɗabi'a ya kawo ta fim, sai mai kallo ya ji ana faɗa masa abin da yake gani da idonsa, kamar baƙon da aka ajiye wa tuwo ana sanar da shi cewa tuwo ne. Ba a jimawa hankalinsa yake barin muryar, har ya rasa bayanin da ke da amfani idan ya zo.

Shi ya sa ake rubuta sharhi bayan an haɗa hoto, ko da haɗin farko ne. Marubuci yakan raba takarda gida biyu. A hagu ya jera hotunan ɗaya bayan ɗaya, da tsawon kowanne a daƙiƙa, a dama kuma ya rubuta abin da za a ji. Gaban kowane hoto yana tambayar abu ɗaya: wace tambaya ce wannan hoto zai tayar a ran mai kallo, wadda shi hoton ba zai amsa ba?

Marinar Ƙofar Mata da ke Kano misali ne mai kyau. A ce an haɗa hotuna uku masu tsawon daƙiƙa 30. Na farko, daƙiƙa 10, ya ɗauko filin marinar daga nesa, da bakunan karofi a jere. Na biyu, daƙiƙa 12, ya matso kan hannun marini yana tsoma yadi yana ɗagowa. Na uku, daƙiƙa 8, ya tsaya kan yadin da aka tsamo, launinsa yana juyawa daga kore-kore zuwa shuɗi.

Sabon marubuci zai ce: "Ga marina nan zaune a bakin karofi, suna tsoma yadi a ruwan baba, yadin kuma yana zama shuɗi." Babu ƙarya a ciki, amma babu abin da aka ƙaru da shi. Tambayoyin da ke ran mai kallo daban ne. Tun yaushe ake wannan aiki a nan? Mene ne a cikin ruwan? Me ya sa yadin ya fito kore, sannan ya sauya?

A kan hoton farko sai a ce: "Marina sun ce sama da shekara ɗari biyar ke nan ana rini a Ƙofar Mata." Shekarar da ake ambatawa ita ce 1498, amma lamba huɗu a takarda kalma tara ce a baki: dubu ɗaya da ɗari huɗu da casa'in da takwas. Ta cinye kusan rabin lokacin hoton, kuma kunne ba ya riƙe ta. Idan ana son ainihin shekarar, gara a rubuta ta a ƙasan allo. "Marina sun ce" kuwa ba ado ba ne. Muryar da ba a ganin mai ita tana da kwarjini, mutane suna ɗaukar maganarta a matsayin tabbas, don haka labarin da aka gada daga bakin masu sana'a ya kamata a jingina shi gare su.

A kan hoto na biyu: "Shuni ba ya narkewa a ruwa. Sai ya yi kwanaki yana tsima da toka da kanwa kafin ya shiga zare." Hannun marini yana nuna aikin yau, muryar kuma tana ba da labarin kwanakin da suka wuce a cikin ramin, waɗanda ba a ɗauka ba. Ba a ambaci tsomawa ba, domin ga ta ana gani.

Hoto na uku shi ne mafi kyau, kuma a nan ake son haƙuri. A bar daƙiƙa huɗu ko biyar na farko babu magana, a ji ɗigar ruwa da hayaniyar marinar, mai kallo ya ga launin yana sauyawa, ya yi mamaki. Sannan muryar ta shigo: "Iska ce ke mayar da shi shuɗi." Da an faɗi wannan kafin launin ya fara juyawa, da an kashe mamakin.

Lissafin yana da sauƙi. Mai karatu a natse yakan furta kusan kalma biyu a daƙiƙa, don haka daƙiƙa 30 ba za ta ɗauki fiye da kalma 60 ba. Jimlolin nan duka kalma 42 ne, wato daƙiƙa 21, saura tara na sautin wurin. Wannan ƙiyasi ne kawai. Tabbacin sai an karanta da ƙarfi ana kallon hoton, yawanci a naɗi muryar gwaji a waya a ɗora, a ga inda magana ta tsallaka kan hoton gaba.

Gudun maimaici yana da nasa haɗarin. Wani marubucin yakan yi nisa da hoton har su rabu: ana ganin hannu a cikin karofi, murya tana can tana bayanin fataucin rawuna zuwa ƙasar Buzaye. Mai kallo ba ya iya bin abu biyu da ba su haɗu ba, kuma ido ne ke rinjaye. Maganin shi ne jimla ta fara taɓa abin da ke kan allo, da kalma ɗaya ko biyu irin su "wannan yadi" ko "a nan", sannan ta wuce zuwa sabon bayani. Bayanin fatauci kuwa ya jira hoton kasuwa ko na mai rawani.

Akwai kuma inda faɗin abin da ake gani ya halatta. Idan kyamara ta nuna gari fari-fari a ƙwarya, ba kowa zai san kanwa ce ko gishiri ba, sai murya ta ambaci sunan. Amma fuskar mutum ba ta buƙatar fassara. Idan tsohon marini ya yi shiru yana kallon karofin da aka daina amfani da su, cewa "yana cikin baƙin ciki" shisshigi ne. Abin da ya dace a faɗa shi ne yawan ramukan da ke aiki yanzu, idan an ƙidaya su. Haka nan gabatar da mai magana: a faɗi ko wane ne shi da dalilin da ya sa maganarsa ke da nauyi, a bar masa abin da zai faɗa da bakinsa.

Kafin a shiga ɗakin naɗi akan yi gwaji biyu. A kashe sauti a kalli hoton kaɗai, a rubuta abin da aka fahimta, duk jimlar sharhin da ta yi daidai da wannan a goge ta. Sannan a kashe hoto a saurari muryar kaɗai. Idan labarin ya cika babu giɓi, rubutun ya yi yawa, shirin rediyo aka yi. A misalin marinar, wanda ya ji "Iska ce ke mayar da shi shuɗi" ba tare da hoto ba zai tambaya mene ne ya zama shuɗi, kuma da wane launi ya fito.