HARƊAƊƊEN SUNA: Yadda za ku raɗa wa ƙungiyarku suna a gasar hakaton



Wasu ɗalibaina huɗu za su shiga hakaton, wato gasar da ake ba matasa kwana ɗaya ko biyu su haɗa manhajar da za ta warware wata matsala. Suka kawo mini sunan da za su buga a ƙyallen talla: "Ƙwararrun Ɗaliban Kwamfuta na Tudun Wada". Na ce wannan ai adireshi ne, ba suna ba. Kafin alƙali ya gama karantawa ya wuce teburinku.

Hausa tana da hanyar taƙaita irin wannan: a ɗauko aikatau a haɗa shi da suna, a sa karan ɗori a tsakani, su zama kalma guda. Haka aka gina dafa-duka da hana-salla. Ku lura babu -n ko -r na mallaka a ciki, shi ya sa suke da kaifi a baki.

Sai ɗayansu ya ce, "Malam, to Fasa-Gasa." A nan ne gizo ke saƙar. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. A baki, "fasa" ta fasa tulu daban take da "fasa" ta fasa tafiya, amma a ƙyalle duk ɗaya ne. Kuna nufin kun tarwatsa gasa, mai karatu ya ga kun janye tun ba a fara ba! Fasa-Ƙwauri kuwa kada ma ku soma, sunan sumoga ne.

Muka tsaya a kan Gagara-Gasa. Ita ma "gasa" fuska biyu gare ta a rubuce, ta takara da ta gasa nama, sai dai duk wadda aka karanta ribarku ce: ba a iya karawa da ku, ba a kuma iya gasa ku. A ganina dabarar suna ke nan, ma'ana ta biyu ta taimake ku.

Wani abin da ya ƙara mini son sa, babu harafi mai ƙugiya a ciki. Yawancin salon haruffan ado na masu buga ƙyalle ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Ko dai a mayar da ƙafa kafa, ko wani ɗan akwati ya fito a gurbin harafin. In sunanku yana da ƙugiya, ku nemi a nuna muku a allon kwamfuta kafin a buga.

In za ku ƙara sunan gari, ku ce Gagara-Gasa ta Kiru, ta Tiga, ta Riruwai. "Ta" ce, domin ƙungiya ake nufi, ita kuma jinsin mace ce.