Lissafin da Ke Bayan Saƙon Rangwamen Mai Kantin Littattafai

Saƙon yakan zo da gajeren kanu: sababbin littattafai sun iso, kuma akwai ragin kashi 10 cikin 100 ga tsofaffin abokan ciniki. A ƙasa sai hotunan bangon littattafai biyar ko shida, kowanne da farashinsa, sai wata lamba da za a nuna wajen biyan kuɗi, da ranar da rangwamen zai ƙare. Mai karatu yakan gama dubawa cikin minti guda. Mai kanti kuwa sai da ya zauna da biro da takarda kafin ya aika.

A ɗauka, a matsayin misali, ya saro littafi a kan naira 3,500, yana sayarwa 5,000. Ribarsa 1,500 ce, kuma a cikinta zai fitar da kuɗin haya da na wuta da albashin yaron kanti. Ragin kashi 10 cikin 100 naira 500 ne. A idon mai saye wannan ɗan abu ne, amma kamfanin da ya buga littafin ba zai rage ko sisi daga 3,500 ɗinsa ba. Duk ragin daga ribar mai kanti yake fita, wato kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Da, in ya sayar da kwafi 10 ya samu naira 15,000. Yanzu sai ya sayar da 15 kafin ya kai wannan adadin.

Shi ya sa ba ya rubuta ragin a allo ya kafa a bakin titi. Wanda ya shigo neman littafin da makaranta ta wajabta wa ɗansa zai saya ko da ragi ko babu, don haka rage masa asara ce kawai. Wanda ake hari shi ne mai son karatu da ya saba zuwa, wanda in ya shigo ɗaukar littafi ɗaya yakan fita da uku. Lambar da aka sa a saƙon ma tana da nata aikin: da ita mai kanti zai ƙirga mutum nawa saƙon ya kawo masa, ya gane ko ragin ya biya kansa. Ranar ƙarewa kuwa don kada a ce sai wani jiƙon.

Ba ko'ina ne mai kanti ke da ikon yin wannan ragin ba. A Faransa, dokar da aka kafa a 1981, wadda ake kira da sunan ministan al'adu na lokacin, Jack Lang, ta ce mai buga littafi ne ke yanke farashi, kuma mai kanti ba zai rage wa mai saye fiye da kashi 5 cikin 100 a kan sabon littafi ba. Manufar ita ce kada manyan kantuna su karya farashi su kashe ƙanana.

Sai kuma a zo kan isar saƙon, inda nan ne ƙananan kantuna suka fi tuntuɓe. Kuskuren da ya fi muni shi ne jera adireshin mutane ɗari a layin To, kowa yana ganin na kowa. Wannan tona asirin abokan ciniki ne, kuma layin Bcc ko manhajar aika saƙonni irin su Mailchimp na magance shi. Adireshin ma sai wanda mai shi ya bayar da yardarsa. A Najeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum haƙƙin cewa a daina turo masa talla. Tun 2013 Gmail ke ware irin waɗannan saƙonni zuwa sashen Promotions, wanda mutane da yawa ba sa leƙawa. Daga 2024 kuma Google ya gindaya wa masu aika saƙo 5,000 ko fiye a rana sharaɗin sa hanyar ficewa mai sauƙi, da kuma kada ƙorafin masu karɓa ya kai kashi 0.3 cikin 100. Ƙaramin kanti bai kai wannan yawan ba, amma in mutane suka riƙa tura saƙonsa zuwa Spam, na gaba can zai riƙa faɗawa da kansa.

Shi ma mai saye yana da nasa lissafin. In zai je kantin da ƙafarsa, naira 500 ta zauna a aljihunsa. In kuwa aiko masa za a yi daga Abuja zuwa Kano, a ce kuɗin aike naira 2,000 ne, sai ya sayi irin wannan littafin guda huɗu kafin ragin ya biya kuɗin mota kaɗai. Ya kamata kuma ya duba ko ragin ya shafi sababbin littattafan da aka nuna masa, domin wasu kantuna sukan taƙaita shi ga waɗanda suka daɗe a kan kanta, su rubuta sharaɗin da ƙananan haruffa can ƙasan saƙon.