Daga Shekara Zuwa Rana a Jadawali Guda

Mai shago yana iya duba cinikin shekara, ya gangara zuwa wata, har ya kai ga ranar da kasuwa ta faɗi, duk a cikin jadawali ɗaya na manhajar Power BI.

Sharaɗin farko shi ne manhajar ta gane layin kwanan wata a matsayin Date, domin idan ta ɗauke shi rubutu ne, matakan ba za su fito ba. Da an ja shi zuwa X-axis, sai ta jera Year, Quarter, Month da Day da kanta. A cire Quarter, saura uku.

Sannan a kunna kibiya guda mai kallon ƙasa. Danna 2024 zai buɗe watanninta, danna Maris ya buɗe kwanakinsa.

A yi hattara da kibiyoyi biyu masu kallon ƙasa. Su suna haɗa Maris na dukkan shekaru wuri guda. Alamar hakan ita ce adadin wata ɗaya ya kumbura fiye da kima.