Fagge da Doguwa a kan takarda ɗaya



Wanda ya taɓa tsayawa a Bata da misalin ƙarfe biyar na yamma ya san abin da ake kira cinkoso. Adaidaita sahu na goga juna, masu baro na ta "a ba da hanya", mutanen Kasuwar Sabon Gari sun tashi, na Singa ma sun kwararo. Amma ku buɗe taswirar Jihar Kano mai ƙananan hukumomi 44, irin wadda ake shafe kowace da launinta, ku nemi Fagge. Sai kun ƙura ido. Kan ɗan yatsa ma ya isa ya rufe ta.

Ku gangara kudu, can wutsiyar jihar, ga Doguwa shimfiɗe. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1,473, na Fagge kuwa 21. Wato sai an jera Fagge 70 kafin a cike Doguwa. To ina mutanen? A ƙidayar 2006, Fagge na da kusan mutum 200,000, Doguwa kimanin 150,000. Wani babban yanki na ƙasar Doguwa dajin Falgore ne, amma mai zane bai tsallake dajin ba, ya shafe shi da launi ɗaya da gidajen mutane. Shi ido faɗin launi yake aunawa, sai zuciya ta ɗauka yawan jama'a ta gani. Ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye ba su kai kashi 3 cikin 100 na ƙasar jihar ba, alhali kusan kashi 30 na jama'ar suna cikinsu. Ranar sakamakon zaɓe, in kun ga launin wata jam'iyya ya mamaye taswira, ku tuna itatuwan Falgore ba su da katin zaɓe.

A Nijar abin ya fi fitowa fili. Agadas ta cinye fiye da rabin ƙasar, amma a ƙidayar 2012 mutanenta ba su kai rabin miliyan ba, Maraɗi kuwa ta haura miliyan uku.

Akwai kuskure na biyu, shi kuma daga hannun mai zanen yake. Bari mu ƙaddara lissafi, misali ne kawai. A ce a shekara guda an samu masu ƙyanda 400 a Fagge, 330 a Doguwa. In aka shafa launi bisa tsurar adadi, Fagge ce za ta yi jawur, domin inda mutane suka fi yawa nan komai ke yawa, haihuwa da mutuwa da cuta. To a raba da yawan jama'a. Mutum 200,000 dubu ɗari sau biyu ke nan, a raba 400 gida biyu, ya zama 200 a kowace dubu ɗari. Doguwa kuwa dubu ɗari da rabi, 330 ya koma 220 a kowace dubu ɗari. Kun ga labari ya juya. Mutumin Doguwa ya fi na Fagge shiga haɗari, ga shi taswirar tsurar adadi ta ce a fara kai allurar rigakafi birni. Saboda haka ku leƙa ɗan akwatin bayanin da ke gefen taswira. In "adadi" kawai aka rubuta, babu "cikin kowane mutum dubu ɗari", to yawan jama'a ake nuna muku da wani suna.

Sai dai rabawar ta gyara launi ne, ba ta rage wa Doguwa faɗi ba. Don haka wasu masu zane ke barin shafe, su ɗora da'ira a kan kowace ƙaramar hukuma, girmanta daidai yawan mutanenta. A irin wannan taswira da'irar Fagge ta ɗara ta Doguwa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne adadin da ake rabawa da shi, kuma Bata ce ta koya mini. Ƙidaya a gida take samun mutum, inda yake kwana. Jama'ar da ke cika Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari da rana, da yawansu a Ungogo ko Kumbotso suke kwana, wasu ma fatake ne daga Maraɗi. In aka ɗauki ƙwacen wayar da aka yi a Fagge aka raba da mazaunanta kaɗai, sai a ɗora wa mutum 200,000 abin da ya faru a tsakiyar taron da ya fi su yawa nesa ba kusa ba. Ga kuma tsufan lissafin: Najeriya ba ta sake ƙidaya ba tun 2006, duk adadin da ake rabawa da shi yau hasashe ne da aka ɗora a kan waccan.