Wace Alhamis Ake Nufi? Neman Ƙarin Bayani da Faransanci Ba Tare da Zargi Ba

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa a Maraɗi da kwantenarsa ta iso tashar jiragen ruwa ta Lome. Ranar Litinin 9 ga wata, wakilin da ke cire masa kaya ya turo saƙo gajere a waya: «Merci de régler le solde d'ici jeudi prochain.» Ma'ana dai a biya cikon kuɗi nan da Alhamis mai zuwa. Saƙon bai kai kalma goma ba, amma ya bar tambayoyi biyu a buɗe. Wace Alhamis, ta 12 ga wata da ta rage kwana uku, ko ta sama, wato ta 19? Kuma cikon me, ladan wakilin kaɗai ko har da kuɗin kwastan? In ya yi kuskuren lissafi kwantena za ta ƙara kwana a tashar, kuɗin jinkiri kuma kullum hawa yake yi. In ya yi tambaya da gatse, ya ɓata da mutumin da takardun kayansa ke hannunsa.

Irin wannan tsaka mai wuya ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Nijar, Benin, Togo, Cadi da mafi yawan Kamaru duk da Faransanci ake rubuta takardun ofis da na ciniki, kuma ko da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, ta bar Faransanci cikin harsunan aiki. Da yawa daga masu mu'amala da shi sun iya nahawunsa daidai gwargwado. Abin da makaranta ba ta cika koyarwa ba shi ne yadda jimlar da ba ta da kuskure ko ɗaya take iya sauka a kunnen mai karɓa kamar tuhuma.

Da farko, ruɗanin ba laifin mai karatu ba ne. Su kansu Faransawa suna saɓani a kan «jeudi prochain» idan an faɗe shi a farkon mako: wasu na nufin Alhamis ta farko da za ta zo, wasu kuma na kiran waccan «ce jeudi», su bar «prochain» ga ta makon gaba. Harshen ma yana da tsohuwar hanyar raba gardama, «jeudi en huit», wato Alhamis ta sama, sai dai ba kowa ke amfani da ita yanzu ba. Haka «huit jours», kwana takwas, mako guda ake nufi, «quinze jours» kuma mako biyu. Sannan «merci de» da ta buɗe saƙon, idan aiki ya biyo ta kai tsaye, umarni ne cikin ladabi, ba godiya ba. Wanda ya amsa da «de rien», ba komai, ya nuna bai gane an ɗora masa aiki ba.

To, me ɗan kasuwar zai rubuta? Abin da ke fara zuwa hannu shi ne «Votre message n'est pas clair», saƙonku bai fito sarari ba, ko «Vous n'avez pas précisé la date», ba ku fayyace ranar ba. Dukkansu gaskiya ne, dukkansu kuma zargi ne, domin jimlar ta ɗora mai karɓa a gaba, ta bi shi da abin da ya kasa yi. Wanda aka ce wa haka ba ya fara tunanin kwanan wata, kare kansa yake fara yi. Ya fi muni a ce «Qu'est-ce que vous voulez dire par là ?». A fassarar ƙamus tambaya ce kawai, me kuke nufi da wannan, amma a bakin mai Faransanci jimla ce da ake yawan ji gab da tashin rigima, daidai da Bahaushe ya ɗaga gira ya ce «me kake nufi?». Ita ma «pourquoi», don me, hujja take nema daga mutum, alhali abin da ake buƙata bayani ne. «C'est-à-dire ?» ita kaɗai a layi tana wucewa tsakanin abokai, amma ga wanda ba a saba da shi ba ta yi tsauri.

Maganin yana cikin ginin jimla. A cire «vous» daga farkonta, a sa «je», a mai da batun ya zama fahimtar mai tambaya: «Je voudrais être sûr d'avoir bien compris», ina so in tabbatar na fahimta daidai. Mace za ta ƙara harafi ɗaya ta rubuta «sûre». Wannan jimla tana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: ba ta ce saƙon ya gaza ba, ba ta kuma ce mai rubutu ya yi kuskure ba. Akwai masu tsananin kawaici da ke rubuta «j'ai mal compris», na fahimta ba daidai ba, don kawai su sassauta magana. A hirar zumunci babu laifi, amma inda kuɗi da wa'adi suke, amsa laifin da ba a yi ba a rubuce yana iya dawowa kan mutum ranar da aka zo lissafin wa zai biya kuɗin jinkiri.

Sai kuma siffar aikatau da Faransanci ke roƙo da ita. «Pouvez-vous» na nufin za ku iya, kuma ba ta da aibi, amma «pourriez-vous» ta fi taushi, kusan kamar a ce ko za ku taimaka. Haka «je veux», ina so, take komawa «je voudrais» ko «je souhaiterais». A nan akwai wani ɗan tarko na rubutu: idan aka bar harafin s na ƙarshe ya zama «je souhaiterai», jimlar ta koma lokaci mai zuwa, zan so, wanda ba shi ake nufi ba. Game da «vous» kuwa, Bahaushe ba ya buƙatar dogon darasi, tunda shi ma yana ce wa dattijo guda ɗaya «ku». Ƙa'idar ita ce kada a sauka zuwa «tu» a tsakiyar neman bayani idan ba da ita aka saba ba, don saukar tana kama da raini.

Mafi amfani duka shi ne mai tambaya ya faɗi abin da shi ya fahimta, ya nemi a tabbatar masa, maimakon ya jefa buɗaɗɗiyar tambaya. Faransanci yana da wata ƙaramar kalma da ke yin wannan aiki, «bien». «Il s'agit du jeudi 12 ?» tambaya ce tsirara. «Il s'agit bien du jeudi 12 ?» kuwa tana nuna cewa mai tambaya ya riga ya gane, tabbaci kawai yake nema, don haka ba ta taɓa mutuncin kowa. Ga yadda saƙon ɗan kasuwar zai kasance:

«Bonjour Monsieur, merci pour votre message. Je voudrais être sûr d'avoir bien compris : il s'agit bien du jeudi 12 ? Pourriez-vous aussi me préciser le montant du solde, et s'il comprend les droits de douane ? Cela me permettra de préparer le virement à temps. Bien cordialement.»

Da Hausa, ya gaishe shi, ya yi godiya a kan saƙon, ya ce yana son tabbatarwa ko Alhamis 12 ga wata ce, ya roƙi a faɗa masa adadin cikon da ko ya haɗa da kuɗin kwastan, sannan ya ba da dalili: don ya shirya tura kuɗin a kan lokaci. Wannan dalili na ƙarshe ba ado ba ne. Shi ne ke nuna wa wakilin cewa ana tambaya ne don a biya shi, ba don ana neman hanyar zamewa ko ana shakkar gaskiyarsa ba. Gaisuwar farko ma dole ce. Saƙon da ya faɗo ba «bonjour» rashin ɗa'a ne a Faris, balle a Yamai ko Lome.

A lura cewa ya ambaci rana ɗaya tak. Da ya rubuta «le 12 ou le 19 ?», 12 ko 19, akwai yiwuwar wakilin da ke cikin hayaniyar tasha ya duba da sauri ya amsa «Oui, c'est ça», e haka ne, a koma gidan jiya. Tambayar da amsarta e ce ko a'a ba ta barin wannan ƙofa. Kuma ya zaɓi ranar da ta fi kusa da gangan, don in ma ya yi kuskure, kuskuren gaggawar biya ne, wanda ba ya ɓata wa mai karɓar kuɗi rai.

Akwai wasu jimlolin ofis da ke sanye da rigar ladabi amma an daɗe da gano su. «Sauf erreur de ma part», sai dai in ni na yi kuskure, tana da amfani idan ana maganar abin da za a iya dubawa, kamar takardar da ba ta iso ba. Amma ma'aikata da yawa suna karanta ta a matsayin «na san ban yi kuskure ba, ku ne kuka yi», shi ya sa ba ta dace da saƙon da kawai ke da fuska biyu ba. «Si je comprends bien», in na fahimta daidai, lafiya lau ce idan kwanan wata ko adadi ya biyo ta, amma idan abin da ya biyo baya zato ne a kan niyyar mutum, misali cewa ba ya son sakin kaya, ta zama ba'a. Alamun tambaya uku a jere da rubutu da manyan baƙaƙe kuwa suna rusa duk wani taushi da aka gina. A ɗaya gefen, jera ban haƙuri sau uku kafin a zo ga magana yana binne tambayar, har mai karatu ya rasa me ake so daga gare shi.

Ana gane an taka sahun mutum daga amsarsa. Idan ta zo da «Comme je vous l'ai déjà dit», kamar yadda na riga na faɗa muku, ko «Je pensais avoir été clair», na ɗauka na yi bayani sarai, to ya ji zafi, kuma ƙarin rubutu ba zai gyara ba. A nan sai a ɗaga waya, domin murya tana ɗauke da fara'ar da rubutu ba ya ɗauka. Bayan an gama magana, a mai da abin da aka tsayar a rubuce cikin layi ɗaya: «Suite à notre échange téléphonique, je vous confirme le paiement du solde le jeudi 12», wato bisa hirarmu ta waya, ina tabbatar muku da biyan cikon ranar Alhamis 12. A haɗa da adadin kuɗin sefa da aka amince a kai, a rubuta shi da lambobi, a kuma haɗa sunan ranar da kwanan watanta kamar yadda aka yi a jimlar.