Waya ta tsinke, inji ya tsaya: yadda ake tsara birkin hannun mutum-mutumi

A masana'antun ƙera motoci akwai hannuwan mutum-mutumi masu walda da ɗaukar ƙarafa, waɗanda ba sa jin sun bugi mutum balle su janye. Shi ya sa ake sanya musu abubuwa biyu: maɓallin tsayarwar gaggawa da mutum ke dannawa, da makunnan iyaka da hannun ke taɓawa da kansa idan ya wuce gona da iri. Ƙa'ida ɗaya ce ke tafiyar da su: duk abin da ya lalace, sai lalacewar ta tsayar da injin.

Ƙa'idar ISO 13850 ta tanadi maɓallin ya zama ja a kan ruwan ɗorawa, kuma ya maƙale idan an danna har sai an sake shi da hannu. Amma muhimmin aikin yana bayansa. Da a ce dannawa ce ke aika wuta ta ce wa injin ya tsaya, ran da ɓera ya ci wayar babu wanda zai sani, sai lokacin da wani ya danna cikin firgici injin ya ci gaba da aikinsa. Don haka ake juya lissafin. Ana amfani da mahaɗin da aka rubuta wa NC, wanda a rufe yake kullum, wuta mai ƙarfin bolt 24 tana ratsa shi ba yankewa. Dannawa tana katse ta, tsinkewar waya ma haka, kwancewar kusa ma haka. Kowanne ya faru, injin zai tsaya.

Saura haɗari ɗaya: ƙarafan mahaɗin suna iya narkewa su manne, ko wayoyi biyu su goge su haɗu. Maganin shi ne layuka biyu daban daga maɓalli ɗaya, su shiga wata na'urar tsaro da ke kwatanta su. Idan ɗaya ya buɗe ɗayan ya ƙi, za ta yanke wa injin wuta, ta kuma ƙi yarda a sake tayar da shi sai an gyara. Ba a barin wannan aiki ga manhajar yau da kullum, domin ita ma tana iya sandarewa.

Yanke wuta kaɗai bai isa ba, domin hannun da ya miƙe da kaya zai faɗo. Saboda haka gaɓoɓinsa ke da birkin da sifirin ke matsewa, wuta ce ke riƙe shi a buɗe, kamar birkin tirela da ke kamewa idan iska ta zube. Ƙa'idar IEC 60204-1 ta yarda da hanya biyu a lokacin gaggawa. A rukuni na 0 ana yanke wuta nan take, birki ya kama. A rukuni na 1 injin ne ke rage gudu da kansa, sannan a yanke. Hannu mai nauyi da gudu yakan fi dacewa da ta biyun, domin ba ya kaucewa daga hanyarsa.

Makunnin iyaka kuwa, inda aka ɗaura shi ne ke nuna ko zai yi amfani. A ɗauka gaɓa tana juyawa digiri 90 a daƙiƙa, kuma ƙarfen da ke tare ta yana digiri na 170. Idan daga taɓa makunni zuwa kamawar birki ana cin daƙiƙa 0.1, gaɓar ta riga ta ƙara digiri 9. Idan birkin ya ɗauki daƙiƙa 0.2 yana rage gudun daidai wa daida, ta ƙara wasu 9. Jimla 18 ke nan. Wanda ya ɗaura makunnin a digiri na 165, hannun zai daki ƙarfen da ƙarfi. Wurin da ya dace shi ne kusan 145, a bar rara saboda birki yana cinyewa, sannan a sa iyakar manhaja a 140, don kada a riƙa taɓa makunnin a aikin yau da kullum. Ana auna wannan tazara da cikakken kaya da cikakken gudu, hannu a miƙe.

Sakin maɓalli ba ya tayar da injin. Sai wani ya duba babu kowa a cikin shinge, ya danna maɓallin sake shiri, sannan na tashi. A lokacin gwaji ana cire waya ɗaya daga cikin layukan biyu. Idan hannun bai tsaya ba, ko ya yarda ya sake tashi wayar tana cire, to ko dai wani ya haɗe layukan don guje wa tsayawa, ko an yi kuskure wajen haɗi, kuma bai kamata ma'aikaci ya kusanci wannan hannu ba sai an gano dalili.